Kimiyya a Sauƙaƙe: Oba-obar Yaya Tana Zafi, Murya Kuma Ba Ta Kai Dutsin-Ma

Wasiƙar wannan mako daga Kurfi ta fito, daga wani ɗalibi ɗan aji biyu na babbar sakandare. Ga abin da ya rubuto, na ɗan rage mata tsawo:

"Malam, yayana yana cikin 'yan sintirin unguwarmu, shi ne ma ke kula da babbar oba-obar da suke ajiyewa a ɗaki, wadda eriyarta ke saman dogon ƙarfe. Da can idan ya yi kira ana jin sa har Dutsin-Ma. Tun da iskar farkon damina ta kayar da ƙarfen aka sake kafa shi, mu muna jin su, su kuwa da ƙyar suke jin mu, kuma bayan rediyon yana zafi kamar dutsen guga. Batir lafiyarsa ƙalau. Mai gyara ya ce wai SWR ne ya hau. Malam, mene ne SWR, kuma ina ya hau?"

Na yi dariya da na kai ƙarshen wasiƙar, amma tambayar ba ta wasa ba ce. Duk wanda ke Kurfi ko Dutsin-Ma a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ya san yadda gari ke zama idan waya ta yi shiru. Oba-oba ba ta jiran kamfanin waya. Muddin akwai batir da eriya, za ta yi magana. Tsakanin garuruwan nan biyu kimanin kilomita 25 ne, kuma idan dare ya yi aka buƙaci taimako, kiran da bai isa ba daidai yake da wanda ba a yi ba.

To, mu fara da kayan aikin. Abubuwa uku ne a jere. Akwai tiransimita, wato ɓangaren rediyon da ke haɗa wutar da za ta ɗauki murya. Akwai kebul, baƙar wayar nan mai zagaye da ke hawa ƙarfen. Sai eriya a sama, wadda ke watsa wutar cikin iska. Kowane ɗaya daga cikin ukun yana da wata lamba da ake kira imfidans, ana auna ta da om, alamarta Ω. Kun san turjiya daga dokar Om da kuka yi a aji: bolt nawa ake buƙata don a tura amfiya ɗaya. Imfidans ita ce wannan turjiyar idan wutar mai kai-da-komo ce, irin ta rediyo, wadda ke juyawa sau miliyoyi a daƙiƙa guda. Masu ƙera oba-oba sun gina tiransimitarta ne don ta tura wuta cikin om 50. Kebul ɗin da aka saba haɗa mata, irin wanda za ku ga an rubuta RG-58 a jikinsa, shi ma om 50 ne. Saura eriya ta zama om 50, magana ta ƙare.

A nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe. Wani zai ɗauko mitar masu gyaran rediyo, ya ɗora tsinke ɗaya a zaren tsakiyar kebul, ɗaya a ragar da ke kewaye da shi, yana jiran ya ga 50. Ba zai gani ba. Mitar za ta nuna babu haɗi ko kaɗan, kuma gaskiyarta, domin da wutar batir take awo. Om 50 na kebul abu ne da wutar rediyo kaɗai ke ji yayin da take tafiya a ciki. Kaurin zaren tsakiya, da faɗin ragar waje, da irin robar da ke tsakaninsu, su ne ke yanke wannan lamba. Tsawo ba ruwansa: taku ɗaya na RG-58 om 50 ne, taku ɗari ma om 50 ne. Wayar dish da ta talabijin kuwa, ko da ta yi kama da shi a ido, om 75 ce.

Me zai faru idan lambobin ba su zo ɗaya ba? Kafin lissafi, ku yi wannan gwaji a tsakar gida. Ku ɗauki igiyar guga, ku ɗaure baki ɗaya a jikin bishiya, ku ja ta ta ɗan miƙe, sannan ku fizgi bakin da ke hannunku sama sau ɗaya. Wani tudu zai ruga a jikin igiyar, kamar taguwar da iska ke tadawa a dam ɗin Zobe. Da ya kai bishiya zai dawo muku, don bishiyar ba ta karɓe shi ba. Yanzu ku ƙulla siririn kirtani a bakin igiyar, wani ya riƙe ƙarshensa can nesa. Ku sake fizga. Wannan karon wani kaso na tudun zai wuce cikin kirtanin, wani kaso ya juyo daga ƙullin. Da a ce igiya iri ɗaya kuka ƙulla, da tudun ya wuce sumul kamar babu ƙulli. Ƙa'idar ke nan gaba ɗaya: duk inda hanya ta canja hali, wani kaso na abin da ke tafiya yana komawa baya.

Ku koma ga igiyar da ke ɗaure a bishiya, ku riƙa kaɗa ta ba tsayawa. Idan kuka dace da saurin, za ku ga abin mamaki: igiyar ta daina nuna tafiya. Wasu wurare suna lilo sama da ƙasa da ƙarfi, wasu kuma sun tsaya cik. Taguwa mai tafiya da mai dawowa ne suka gamu. Inda suka haɗa kai lilo ya ƙaru, inda suka saɓa suka kashe juna. Wannan ita ce tsayayyiyar taguwa da malamin fiziks ke zana muku a allo, kuma irinta ce ke cikin kebul ɗin yayan mai wasiƙarmu, sai dai can bolt ne ke hawa da sauka maimakon igiya. SWR kuwa amsa ce ga tambaya ɗaya: bolt ɗin wuri mafi tudu a cikin kebul ya ninka na wuri mafi kwari sau nawa? Wurin da ya "hau" ke nan, ɗan Kurfi.

Mu saka lambobi. A ce tiransimitar tana tura wat 50 cikin kebul mai om 50. Daga P = V² ÷ R, wannan bolt 50 ne cif, shi ya sa na zaɓi waɗannan lambobin. A ce kuma faɗuwar da eriyar ta yi ta lalata ta, imfidans ɗinta ta tashi daga 50 ta koma 150. Kason bolt da zai juyo ana samun sa haka: bambancin lambobin biyu, a raba da jimlarsu.

```
(150 − 50) ÷ (150 + 50) = 100 ÷ 200 = 1/2
```

Rabin bolt 50 zai dawo, wato bolt 25. A inda mai tafiya da mai dawowa suka haɗa kai, kebul na ɗauke da 50 da 25, bolt 75. A inda suka saɓa, 50 ban da 25, bolt 25.

```
SWR = 75 ÷ 25 = 3
```

Masu sana'ar sukan ce "uku ga ɗaya", su rubuta 3:1. Mai lura zai ga cewa 150 ÷ 50 ma 3 ne. Wannan gajeriyar hanya ce: a raba babbar lamba da ƙaramar. Tana aiki idan eriyar turjiya ce zalla, sharaɗin da zan dawo kansa.

Wat nawa suka dawo? Kada ku ce rabi. Bolt ne ya dawo rabi, ƙarfin wuta kuwa da murabba'in bolt yake tafiya. Rabi sau rabi kwata ne. Cikin wat 50, wat 12.5 sun juyo, wat 37.5 suka shiga eriya. Idan kuka bi wannan hanya da eriya mai om 100, za ku sami SWR na 2, abin da ya dawo kashi 11 cikin ɗari. Da om 75, SWR na 1.5, kashi 4 kacal. Da om 50 babu abin da ya dawo, babu tudu babu kwari, SWR 1 ne, kuma ba ya taɓa yin ƙasa da haka. Idan kuwa eriya ta tsinke ɗungurungum, komai zai dawo kamar igiyar bishiya, kwarin ya zama sifili, SWR ya zama ba iyaka.

Bari in faɗi wani abu da masu gyara ba su cika faɗi ba. Asarar kwata ɗaya ita kaɗai ba ta isa ta hana a ji ka a Dutsin-Ma ba. Mai saurare da ƙyar zai bambanta wat 50 da wat 37. Ɓarnar a wani wuri take. Tiransistar ƙarshe ta tiransimita an gina ta ne don om 50. Idan akwai tsayayyiyar taguwa, abin da take gani a bakin kebul ya danganta da inda bakin ya faɗo. Idan a tudu ne, bolt ya yi mata yawa. Idan a kwari ne, tana ganin ƙasa da om 17, sai ta ja amfiya fiye da ƙima ta yi zafi. Saboda haka rediyoyi da yawa na zamani suna da mai gadi a ciki: da ya ji wuta na dawowa da yawa, sai ya rage ƙarfin fita da kansa don kada tiransistar ta ƙone. Rediyon wat 50 sai ya koma yana fitar da 'yan wat kaɗan ba tare da ya gaya wa kowa ba. Ɓangaren saurare kuwa bai damu sosai ba, domin ɗan abin da eriya ta kamo ya ishe shi. Ku sake karanta wasiƙar: muna jin su, ba sa jin mu, baya yana zafi. Alamomin sun dace. Wannan ne dalilin da masu aikin ke son SWR ƙasa da 1.5, su haƙura da 2, su kashe rediyo idan ya kai 3.

Ana auna shi da wata ƙaramar mita da ake sakawa tsakanin rediyo da kebul. A irin mai allura, sai a juya makunni zuwa FWD, wato wuta mai tafiya, a danna maɓallin magana, a murɗa CAL har allura ta kai ƙarshen ma'auni. Sannan a juya zuwa REF, wuta mai dawowa, a karanta lambar. A yi da ƙaramin ƙarfi, a tashar da ba kowa, kuma a tabbata mitar ta zangon da rediyon ke aiki ce.

Yanzu ga inda nake son ku buɗe ido, don mitar nan tana iya yin shaidar zur ba da niyya ba. Kebul yana cin wuta. Siririn RG-58, a wajen megahaz 150 inda irin waɗannan rediyoyi da yawa ke aiki, yana cinye kusan rabin ƙarfin a tsawon mita 15. A ce an yi amfani da mita 30, don ƙarfen yana da nisa da ɗaki, kuma a ce eriyar ta tsinke sam, ba a lura ba. An tura wat 48. Bayan mita 15 saura 24, a sama saura 12. Babu eriya, duka 12 ɗin suka juyo. A hanyar saukowa suka koma 6, sannan 3. Mitar da ke ƙasa ta ga 48 sun tafi, 3 sun dawo, ɗaya bisa goma sha shida. Wannan na ƙarfi ne, na bolt shi ne saiwarsa, wato kwata ɗaya.

```
SWR = (1 + 1/4) ÷ (1 − 1/4) = 5/3 ≈ 1.7
```

Mai awo zai ga 1.7 ya ce ba laifi, alhali ko eriya babu. Duk wutar ta ƙare wajen ɗumama waya. Tsohon kebul da ruwan damina ya shiga, ragarsa ta yi kore, ya fi haka ci, don haka ya fi haka iya ɓoye laifi. Ni idan SWR na wata tsohuwar eriya ya "gyaru" da kansa bayan an sha ruwan sama, ba murna nake yi ba, tsani nake nema. Awon gaskiya a gindin eriya ake yin sa, ko da ɗan gajeren kebul kafin a ɗaga ƙarfen.

To ina gyara? Da ni ne a Kurfi, da ido zan fara kafin mita. In sauke ƙarfen, in cire eriya, in duba bakin kebul: ruwa, tsatsa, dalmar da ta saki, ko wani gashi ɗaya na raga da ya taɓa zaren tsakiya. A nan mitar masu gyaran rediyo tana da amfani: idan an cire eriya da rediyo, bai kamata ta nuna haɗi tsakanin zare da raga ba. In bi kebul ɗin da hannu in ji ko akwai inda ƙarfen ya danne shi ya baje, domin inda siffa ta canja imfidans ma ta canja, ga ƙullin kirtani ya samu. In kuma tambaya ko an yi ƙari da wayar dish lokacin sake kafawa, abin da ake yawan yi don ita ce ke kasuwa da araha. Eriya mai lafiya ta om 50, idan aka ja ta da doguwar waya mai om 75, rediyo zai ga wani abu tsakanin om 50 da 112, ya danganta da tsawon wayar. Sa'a ce kawai. Mai gyara na ƙwarai yana da eriyar ƙarya, wato turjiya mai om 50 da ke shanye wuta ba ta watsawa. Idan ya ɗaura ta a ƙarshen kebul SWR ya sauko kusa da 1, zargi ya koma kan eriya.

Eriyar da aka fi gani a irin wannan aiki tsinke ne guda a tsaye, da 'yan ƙafafu uku ko huɗu a gindinsa. Tsawon zango a megahaz 150 mita 2 ne, domin 300 ÷ 150 = 2. Tsinken kwatan wannan ne, santimita 50, a aikace a ɗan rage ya koma wajen 48. Idan ƙafafun suna kwance a miƙe, imfidans ba ta kai 50 ba, ƙasa da om 40 take. Idan aka sunkuyar da su ƙasa kamar digiri 45, sai ta hau kusa da 50. Ashe sunkuyon nan da kuke gani ba ado ba ne. Wanda ya ɗauki eriyar da ta faɗi ya "miƙe" mata ƙafafu da kyakkyawar niyya ya riga ya taɓa lambar.

Tsawon tsinken ya fi haka tasiri, kuma shi ne sharaɗin da na yi alkawari. Idan tsawon ya dace da firikwansi, eriya tana zama turjiya zalla. Idan ya yi tsawo ko ya gaza, sai ta riƙa riƙe wani kaso na wuta tana maido shi a makare, amfiya da bolt su daina tafiya tare. A nan gajeriyar hanyarmu ta raba lamba da lamba ba ta aiki, kuma SWR ya fi abin da za ta ba ka. Gane matsalar ba wuya. A auna SWR a tasha mai ƙaramar firikwansi, a sake aunawa a mai babba. Idan ya fi kyau a ƙaramar, tsinken ya yi tsawo, a rage. Idan ya fi kyau a babbar, ya gaza. A riƙa yankan milimita biyu ko uku ana sake awo, don abin da aka yanke ba ya dawowa.

Idan kuwa eriya tana kan daidai tsawonta amma lambarta ba 50 ba ce, akwai wata dabara da nake so ƙwarai, don wayar dish ɗin da muka zarga ita ce maganin. Guntun kebul mai tsawon kwatan zango yana juya imfidans: abin da ake gani a bakinsa shi ne murabba'in lambar guntun, a raba da lambar eriya. Mu gwada da eriyarmu mai om 150, da guntu mai om 75.

```
75 × 75 ÷ 150 = 37.5
SWR = 50 ÷ 37.5 ≈ 1.3
```

Daga 3 mun sauko 1.3, wutar da ke dawowa ta faɗo daga kashi 25 zuwa kashi 2. Da akwai kebul mai om 87, saiwar 50 × 150, da mun kai 1 daidai, amma 75 ne a kasuwa kuma ya wadatar. Sirrin shi ne taguwa biyu ke juyowa, ɗaya daga kowane baki na guntun. Ta bakin sama ta yi ƙarin tafiyar kwata zuwa da kwata dawowa, rabin zango ke nan, sai ta iso a saɓe da 'yar'uwarta su kusan kashe juna. Wajen yanka a tuna cewa wuta ba ta gudu a cikin kebul kamar a iska. A mai daskararriyar roba gudunta kashi 66 cikin ɗari ne, don haka santimita 50 ta koma 33. A mai farar roba irin ta soso, kamar yawancin wayar dish, ya haura kashi 80, guntun ya kai wajen santimita 41. Kuma a kusa da firikwansi ɗaya kawai dabarar ke aiki.

Gargaɗi ga masu ƙaiƙayin hannu: kada a danna maɓallin magana babu eriya, kada a taɓa eriya ana cikin aikawa don tana ƙona fata, kada a ɗaga ƙarfe kusa da wayar lantarki ko idan hadari ya taso. Aikawa da irin wannan rediyo kuma sai da izinin hukuma. Naku a yanzu igiya ne da biro.

Ga aikin mako. Wata eriya tana da om 25, turjiya zalla, an haɗa ta da kebul mai om 50, an tura wat 45. Nawa ne SWR, kuma wat nawa suka dawo? Wanda ya gama ya ƙara da wannan: guntun kebul mai om nawa zai daidaita su? Ku aiko da amsa tare da sunan makaranta da aji. Kai kuma ɗan Kurfi, ka tambayi Yaya ko an yi ƙari a wayar ranar da aka sake kafa ƙarfen, ka rubuto mana abin da ya ce.